Sanarwar Jinkirin Albashi: Yadda Ake Gyara Ta Ta Faɗi Gaskiya da Ranar Biya

Sanarwar jinkirin albashi takarda ce da hukumar ma'aikata ke fitarwa idan ta tabbata kuɗin wata ba zai shiga a ranar da aka saba ba. Ma'aikacin da ya karanta ta amsar tambaya uku yake nema: me ya faru, nawa zai samu, kuma yaushe. Ta ukun ce ta fi damunsa, domin akwai masu jiransa shi ma. Mai shago ya rubuta masa shinkafa da mai a littafin bashi, mai gida yana jiran kuɗin haya, uwar adashi ta sa ranar zubi. Dukkansu rana za su tambaye shi, kuma daga sanarwar nan zai ɗauko abin da zai gaya musu.

A Najeriya, sashe na 15 na Dokar Ƙwadago ya ce ana biyan lada ne a ƙarshen lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Saboda haka albashin da ya makara bashi ne a kan ma'aikata. Sanarwa ba ta sauke wannan nauyi, sai dai ta nuna yadda za a sauke shi, kuma da harshen mai bashi a wuya ya kamata a rubuta ta.

A ɗauki misalin wata makaranta mai zaman kanta, mai ma'aikata 40, wadda ke biyan naira miliyan 4 a ranar 28 ga kowane wata. A ƙarshen Oktoba akanta ya duba asusu ya tarar da miliyan 2 da dubu 400 kawai, saboda iyaye da yawa ba su kawo kashi na biyu na kuɗin zango ba. Ga abin da aka fara rubutawa:

"Ana sanar da dukkan ma'aikata cewa saboda wasu dalilai da suka fi ƙarfinmu, za a ɗan samu jinkiri wajen biyan albashi. Hukuma na yin iya ƙoƙarinta, kuma za a biya nan ba da jimawa ba in sha Allahu. A ci gaba da haƙuri, kuma ba za a lamunci sakaci da aiki ba."

Babu ƙarya a fili cikin wannan rubutu, amma bai amsa ko ɗaya daga tambayoyin nan uku ba. "Wasu dalilai" ƙofar jita-jita ce, kafin a tashi daga aiki za a ji cewa makarantar za ta rufe, ko mai ita ya sayi fili da kuɗin. "Nan ba da jimawa ba" kan iya zama jibi, kan iya zama wata biyu, kuma ba wanda zai je gaban mai gida da wannan magana. Jimlar ƙarshe ita ce mafi muni, domin wanda ake bi bashi ne ya koma yana yi wa mai binsa barazana.

Gyaran yana farawa ne daga teburin akanta, kafin a taɓa kalma ko ɗaya. Abu na farko shi ne a san abin da za a iya biya yanzu. A wannan makaranta akwai masu gadi da masu shara da direbobi 10, kowanne yana ɗaukar naira dubu 70, wato mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Najeriya a 2024. Biyansu gaba ɗaya zai ci dubu 700. Sauran mutum 30 albashinsu ya kama miliyan 3 da dubu 300, rabinsa miliyan 1 da dubu 650. Idan aka haɗa, miliyan 2 da dubu 350 ke nan, kuma kuɗin da ke asusu ya isa. Ana fifita masu ƙaramin albashi ne saboda su ne ba su da ajiyar da za ta kai su mako biyu.

Abu na biyu shi ne fitar da ranar biyan ragowar. Wa'adin da aka ba iyaye shi ne Laraba 5 ga Nuwamba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki wannan rana a rubuta ta a matsayin ranar albashi. Littafin karɓar kuɗi na zangunan baya zai nuna kwana nawa iyaye kan ƙara bayan wa'adi. Idan kwana uku ne ko huɗu, an shiga ƙarshen mako ke nan, sannan ga shirya jerin biya da turawa ta banki. Ranar da za a iya tsayawa a kanta ita ce Laraba 12 ga Nuwamba. Hanyar gane ko rana ta tsayu ita ce a tambaya, idan rabin iyayen da ake jira ba su kawo ba, daga ina cikon zai fito? Idan mai makaranta ya amince zai cike daga aljihunsa ko daga rancen da aka riga aka daidaita, ranar ta tabbata. Idan ba amsa, to fata ce kawai.

Ga sanarwar bayan gyara:

"Zuwa ga dukkan malamai da ma'aikata. Assalamu alaikum. Albashin Oktoba ba zai fita cikakke ba a ranar Talata 28 ga wata. Dalili shi ne kuɗin zangon da ya shigo zuwa yau bai kai adadin albashin wata ba. A ranar 28 masu ɗaukar naira dubu 70 za su samu albashinsu duka, sauran ma'aikata, har da shugabar makaranta, za su samu rabi. Za a biya ragowar ranar Laraba 12 ga Nuwamba in sha Allahu, kuma mai makaranta ya ɗauki nauyin cike duk abin da bai shigo ba kafin ranar. Ba za a rage wa kowa ko kobo ba. Ranar Juma'a 7 ga Nuwamba za mu sake sanar da ku inda aka kwana. Wanda ke da lalurar asibiti ko ta haya ya ga akanta a ofis kafin Alhamis. Wannan haƙƙinku ne, kuma muna ba ku haƙuri a kan wannan jinkiri."

Labarin mara daɗi ya zo a jimlar farko, ba a ɓoye shi bayan dogon yabo ba. An faɗi dalili a jimla ɗaya, ba a zagi iyaye ba, ba a kuma zayyana kukan tsadar gas da wutar lantarki ba. "In sha Allahu" tana nan, amma yanzu tana biye da rana, ba ta maye gurbinta ba. An rubuta sunan ranar tare da kwanan wata don kada a samu saɓani. Ban haƙuri sau ɗaya ya wadatar, yawan maimaita shi yana sa mai karatu ya zaci abin ya fi yadda aka faɗa. Natsuwar takardar daga lissafinta take fitowa, domin wanda ya ga adadi da rana ya san an zauna an yi aiki. A ƙasa kuma sai shugabar ta sa sunanta da hannunta, maimakon a rubuta "Hukuma" kawai.

Lokacin fitarwa ma yana cikin gyaran. Sanarwar da ta fito bayan ma'aikata sun kwana biyu suna duba waya ba su ga alat ba, ta riga ta makara. A fitar da ita da zarar lissafi ya tabbata, ga kowa a lokaci guda, a kuma karanta wa waɗanda ba sa karatu da baki.

Idan kuma ya bayyana ranar 12 ba za ta yiwu ba, ba a jira sai ta zo. A sanarwar 7 ga wata ake faɗin abin da ya canja, nawa aka tara, nawa za a biya a ranar da aka yi alkawari, da sabuwar ranar ragowar, wadda ita ma sai an fitar da ita ta irin wancan lissafi.