Me ya sa fuska ke canzawa idan aka haɗa hotuna da yawa na mutum ɗaya?

A ɗauki misalin wani tela a Tudun Wada, Zariya, da ke son tallata ɗinkunan sallah guda goma. Maimakon ya kai su sitidiyo, sai ya ɗauki hoton ƙanensa da izininsa, ya sa a manhajar ƙirƙirarriyar basira don ta riƙa canza masa kaya. Hoto na farko ya fito daidai. A na huɗu hanci ya ɗan siranta, a na bakwai wushiryar ta ɓace, fata kuma ta yi haske. Kafin a kai na goma, ko mahaifiyarsu ba za ta gane shi ba. Kuɗin data ya tafi, kuma duk mai saye da ya lura zai fara shakkar ɗinkin ma.

Daga ina matsalar take?

Yawancin waɗannan manhajoji ba sa riƙe fuska kamar yadda mutum ke tuna ɗan'uwansa. Kowane hoto daga hargitsattsun ɗigo-ɗigo suke faro shi, irin na talabijin da ba ta kama tasha ba, sannan su yi ta tacewa har siffa ta fito. Idan aka rubuta "matashi baƙi mai saje", bayanin ya dace da dubban samari, don haka kowane karo manhajar za ta cike abin da ba a faɗa ba da nata hasashen.

Babban kuskuren telan shi ne ɗora gyara kan gyara. Daga hoto na biyu ya fitar da na uku, daga na uku ya fitar da na huɗu. Kamar fotokwafi ne da ake ta yi daga wani fotokwafin: ɗan kuskuren kowane mataki yana hawa kan na baya.

Girman fuska ma yana da tasiri. A hoto mai tsawon ɗigo 1024, idan aka nuna mutum daga kai zuwa ƙafa, kan nasa bai fi kashi ɗaya cikin takwas ba, wato kusan ɗigo 128. A wannan ɗan fili ƙananan alamomi irin su tawadar Allah ko tsaga kan narke.

Yadda ake rage ta

Da farko a zaɓi hoto ɗaya na asali: fuska ta kalli kyamara, haske wadatacce, babu tabarau, babu filta. Duk sabon hoto daga wannan za a faro shi, ba daga wanda ya gabace shi ba. Da telan ya yi haka, hoto na goma ba zai fi na biyu nisa da ainihin ƙanensa ba.

Na biyu, kada a bari manhajar ta taɓa fuskar. Akwai zaɓin da ake kira `Inpaint`, inda ake shafe wurin da ake son canzawa kaɗai. Sai a shafe riga, a rubuta "babbar riga ta farar shadda", a bar fuska yadda take. Hula ta fi wuya saboda tana taɓa goshi da kunne, don haka gara a yi ta a matakin daban.

Na uku, a yi amfani da zaɓin hoton madogara idan manhajar tana da shi. Midjourney ta fito da `--cref` a 2024:

```
man in white kaftan --cref URL --cw 0 --v 6.1
```

A wurin `URL` ake sa adireshin hoton asali. Lambar `--cw` tana tafiya daga 0 zuwa 100. A 100 manhajar na kwaikwayon fuska da gashi da kaya, a 0 kuwa fuska kaɗai take bi, wanda shi ne tela yake buƙata. Sai dai wannan zaɓi ya fi aiki da fuskokin da manhajar ta ƙirƙira da kanta. Da hoton mutum na gaske, sau da yawa kama kawai ake samu.

Wasu kan ɗauka maimaita lambar `seed` ya wadatar. Ita dai tana sa a faro daga hargitsin ɗigo iri ɗaya ne kawai. Da zarar an canza kaya ko tsayuwa a rubutu, fuska na iya gocewa.

Yadda za a gane an goce

Ido yana saurin sabawa, shi ya sa kwatanta hoto da wanda ya gabace shi yake yaudara. A jera kowane sabo kusa da na asali, a zuƙo fuska, a duba tazarar idanu, faɗin hanci, siffar kunne da launin fata. Wanda ya kauce a share shi, kada a ce za a gyara. Idan shakka ta rage, a nuna wa wani ɗan gida ba tare da an faɗi ko wane ne ba. In ya yi jim kafin ya ambaci suna, a koma hoton asali a sake.