Jakar Iska Ta Mota: Aikin Da Ke Ƙarewa Kafin Ka Ƙifta Ido

Jama'a, duk wanda ke shiga mota daga Ɗambatta ko Bichi zuwa Kano, in ya dubi tsakiyar sitiyari zai iya ganin wasu baƙaƙen boko guda uku, SRS, ko kuma kalmar AIRBAG. Wani lokaci akwai irin wannan rubutu a gaban fasinjan da ke kusa da direba. A ƙarƙashin rubutun nan akwai wata jaka ta yadi mai ƙarfi, an naɗe ta an ɓoye. Ita ce jakar iska. Ranar da mota ta yi karo, sai ta kumbura ta tare kan mutum da ƙirjinsa, don kada su bugi sitiyari ko gilashi.

Yawancin motocin Beljiyam da ke hanyoyinmu suna da ita. A Amurka, tun daga motocin shekarar 1998 doka ta tilasta a sa wa direba tasa, a sa wa fasinjan gaba tasa. Amma mutane da yawa sun ɗauka matashin kai ce mai taushi. Ba haka ba ne. Tana fitowa da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. Ko ta ceci mutum ko ta ji masa ciwo, lokaci ne ke raba gardama.

Kafin mu ci gaba, sai mun yi wani ɗan lissafi. Ka ɗauki sakan ɗaya, wato tsawon lokacin da za ka ce "ɗaya da ɗaya". Ka raba shi gida 1,000. Kowane gida mu kira shi kaso. Ƙiftawar ido ɗaya takan ci kaso 100 ko fiye. To, duk aikin jakar iska a cikin kason nan 100 yake farawa ya kusa ƙarewa.

Mai jin karo

Abu na farko shi ne na'urar da ke jin karo, wadda makanikai ke kira sansa. Ka tuna mai kura da ya ɗauko ruwa a buɗaɗɗen bokiti. In ya tsaya a hankali, ruwan ba ya zuba. In tayarsa ta bugi dutse ya tsaya farat ɗaya, sai ruwan ya watso gaba. Kurar ta tsaya, amma ruwan bai tsaya ba.

Da wannan dabara aka yi sansa ta farko. Wani Ba'amurke mai suna Allen Breed ya ƙera ta wajen ƙarshen shekarun 1960. Ɗan ƙwallon ƙarfe ne a cikin bututu, mayen ƙarfe yana riƙe da shi. Birki ba ya iya ƙwace shi. Amma in mota ta bugi abu da ƙarfi, ƙwallon sai ya kuɓuce ya gangara gaba ya haɗa wayoyi biyu, wuta ta wuce. Motocin yanzu ba su da ƙwallo. Suna da wata 'yar na'ura da ba ta kai farcen yatsa ba, tana auna yadda gudun mota ke raguwa, sau ɗaruruwa a cikin sakan ɗaya. Tana aika abin da ta auna zuwa wani ƙaramin akwati, wato ƙwaƙwalwar jakar iska. Galibi akan ɗaure akwatin a tsakiyar mota, kusa da giya.

A lura da kyau: ba gudun mota sansa ke aunawa ba, saurin tsayawarta take aunawa. Shi ya sa mota kan bugi akuya tana gudun kilomita 80, fitila ta fashe, amma jaka ba ta fito ba. Akuya ba ta da nauyin da za ta tsayar da mota. Amma motar da ta bugi bangon siminti da gudun kilomita 25 kacal, jakarta na iya fitowa. Kuma ƙwaƙwalwar ba ta yarda da shaidar mutum ɗaya. Sai wata sansa ta biyu ta gaskata ta farko, sannan ta ba da umurni. Ba don haka ba, da ramukan hanya sun ishe mu fashewar jaka.

Mai hura jaka

Babu famfon da zai cika jaka a wannan ɗan lokaci. Saboda haka da wuta ake yi. A bayan jakar akwai wani gwangwanin ƙarfe mai kauri, cike da ƙwayoyin wani sinadari masu kama da ƙwayar magani. Da umurni ya zo, wata siririyar waya sai ta yi zafi ta kunna ɗan abin tashi, kamar yadda ake kunna albarushin bindigar toka. Ƙwayoyin sai su ƙone nan take, su zama iska mai yawa, galibinta irin wadda ake kira naitirojin. Iskar tana bi ta wata raga da ke tace ta, ta rage mata zafi, sannan ta shiga jaka. Jakar sai ta tsaga murfin sitiyari ta fito.

Jakar direba a motocin Amurka takan ci wajen lita 60, wato kimanin jarka biyu da rabi irin ta 'yan garuwa. Ta fasinja ta ninka haka, domin tazarar da ke gabansa ta fi yawa. A bayan jakar kuma akwai ƙofofi da aka bari da gangan. Da mutum ya faɗa mata, iska sai ta riƙa fita ta nan, jakar tana saɓewa. Wannan saɓewar ita ce ke ceton mutum. Da a ce jakar a rufe take ruf, da ta mayar da shi baya kamar ƙwallo.

Mu bi karo ɗaya daki-daki

A ce wata Golf ta taso daga Kano za ta Bichi. Tayar gaba ta fashe, direba ya taka birki, gudu ya ragu zuwa kilomita 50, sannan ta bugi kan kwalbati gaba da gaba. A wannan gudu, mota da duk wanda ke cikinta suna cin kusan mita 14 a sakan ɗaya.

Da bamba ta taɓa siminti, gaban mota ya fara lanƙwashewa. Motar tana tsayawa, amma direba, kamar ruwan bokitin nan, yana nan yana tafiya. Wajen kaso na 15, ƙwaƙwalwa ta gama aunawa ta tura wuta. A motoci da yawa, a daidai wannan lokaci wani ƙaramin abin tashi yana fizgar bel ɗin kujera ya ɗame shi a jikin mutum. Jaka tana buƙatar wajen kaso 30 kafin ta cika. Ke nan wajen kaso na 45 ta cika tam.

Me ya sa ake wannan gaggawa? Masu ƙera mota suna da wata tsohuwar ƙa'ida. Dole jaka ta gama cika kafin jikin mutum ya matsa gaba da inci 5, wato tsawon da bai kai taƙi ɗaya ba. To tun da cikar tana cin kaso 30, dole a kunna wuta kaso 30 kafin mutum ya kai wurin. Ka ga ke nan ƙwaƙwalwa ba ta da damar jira ta ga ƙarshen karo. Daga farkon bugun take yanke hukunci.

Daga kaso na 50 zuwa na 80, fuska da ƙirjin direba suna nutsewa cikin jaka, iska tana fita ta baya. Wajen kaso na 100 ko jim kaɗan bayan haka, mota ta tsaya. Direba zai ji ƙara kamar ta bindiga, ya ga hayaƙi da ƙura, ya ga jaka a yashe a kan sitiyari. Hayaƙin nan ba gobara ba ce, amma yana sa tari.

Ba kowane karo ne ke zuwa wa sansa da sauƙi haka ba. In mota ta bugi itacen darbejiya da tsakiyar gabanta, ƙarfen wurin yana da laushi, bugun farko ba ya da ƙarfi, sai jaka ta makara. Haka in ƙaramar mota ta shige ƙarƙashin tirelar da aka bari a kan hanya da dare. Idan kuwa an bugi mota ta baya, ko ta wuntsila, jakar gaba yawanci ba ta fitowa, domin ba aikinta ba ne.

Inda lissafin ke ɓaci

Duk lissafin nan an yi shi ne a kan mutum ɗaya, zaune daidai a kujerarsa, ɗaure da bel, da tazarar aƙalla inci 10 tsakanin ƙirjinsa da sitiyari. Yanzu ka dubi yadda muke shiga motar haya ranar kasuwa. Mutum biyu a kujerar gaba, wani lokaci har da yaro a cinya, babu mai bel. Da direba ya taka birki, tun kafin karo, sun riga sun zame sun manne da gaban mota. Jakar ba za ta same su bayan ta cika ba. Za ta same su tana tsakiyar fashewa. A Amurka, a shekarun 1990, yara da dama sun mutu ta wannan hanya a karon da bai kai ya kashe kowa ba. Dalilin haka aka rage ƙarfin jakunkunan, aka kuma ce yaro ɗan ƙasa da shekara 13 ya zauna a baya. A ganina, ɗora yaro a cinya a gaban irin wannan mota ya fi zaman mutum biyu haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai kuma matsalar gwangwanin kansa. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana zuba sinadarin amoniyam naitiret a cikin nasa. Manomi ya san danginsa, domin da shi ake yin wani irin takin zamani. Zafi da laima na shekaru suna lalata ƙwayoyin, sai su ƙone da saurin da ya wuce ƙima, gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su nufo fuskar mutum. Fiye da mutum 20 sun mutu a Amurka kaɗai. An kira miliyoyin motoci don a canza masu, kamfanin kuma ya karye a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa akwai Honda Accord ta 2001 zuwa 2007 da Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, waɗanda muke gani kullum. In motarka daga Amurka ta zo, ka sa wanda ya iya waya ya rubuta lambar jikinta mai baƙaƙe 17 a nhtsa.gov/recalls, zai ga ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Mai sayen mota kuma ya kula da fitilar SRS, ko mai hoton mutum da ƙwallo a gabansa. In ka murɗa makulli, ya kamata ta kama na 'yan sakanni sannan ta mutu, alamar ƙwaƙwalwa ta duba wayoyinta ta ga lafiya. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala, kuma jakar na iya ƙin fitowa. In kuwa ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye wani abu. Jaka sau ɗaya take aiki. Motar da ta taɓa yin karo a can, wani lokaci akan manne murfin sitiyarinta a sayar, alhali babu komai a ciki.

In za a taɓa wayoyinta, waɗanda galibi rawaya ne, makaniki ya fara cire batir ya dakata 'yan mintoci. Ƙwaƙwalwar tana ajiye 'yar wuta a cikinta, don ta iya kunna jaka ko da karo ya tsinke wayar batir.