Kunkuru da zomo a cikin jerin lambobi

Ga wata tambaya da ake yawan jefa wa masu neman aikin rubuta manhajar kwamfuta a wajen ganawa, wadda kuma take a matsayin tambaya ta 287 a dandalin LeetCode. An ba mutum jerin lambobi guda bakwai, kowace tana tsakanin 1 da 6: 3, 1, 6, 5, 5, 2, 4. Tun da gurabe bakwai ne, lambobin da aka yarda da su kuma shida ne kacal, dole wata ta maimaitu. A nan ido ma ya isa ya ga 5 ce. To idan jerin ya kai lamba miliyan ɗari fa? Masu lissafi kan taƙaita zancen su ce jerin yana da gurabe `n + 1`, ƙimominsa kuma daga 1 zuwa `n`, lamba ɗaya ce ta maimaitu.

Sharuɗɗa biyu ne suka mayar da ita ƙarfen ƙafa: ba a yarda a sauya jerin ba, ba a kuma yarda a buɗe wani babban wurin ajiya a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba. Sharaɗin farko ya hana a tsara lambobin daga ƙarama zuwa babba don tagwayen su zo kusa da juna. Na biyu ya hana a riƙa rubuta duk lambar da aka gani a gefe.

Mai wayo yakan ce a tara jimla. Jerin da ke sama jimlarsa 26 ce, jimlar 1 zuwa 6 kuma 21, rarar 5, ga amsa. Dabarar tana da kyau har sai an kawo jeri kamar 2, 2, 2, 2, 2. Jimlarsa 10, jimlar 1 zuwa 4 ita ma 10, rarar sifili, alhali 2 ce ta cika wurin. Tambayar ba ta ce sau biyu kaɗai lambar za ta fito ba.

Mafitar tana farawa da sauya yadda ake kallon jerin. A ɗauki kowane gurbi a matsayin gida mai lamba a ƙofa, daga 0 zuwa 6, domin kwamfuta daga sifili take fara ƙirga. Ƙimar da ke cikin gurbin kuma takarda ce da ke cewa a tafi gida kaza. Wanda ya fara daga gida 0 zai tarar da 3, sai ya tafi gida 3. Can zai tarar da 5. Gida 5 ya tura shi 2, gida 2 ya tura shi 6, gida 6 ya tura shi 4, gida 4 kuma ya sake mayar da shi 5. Daga nan ya shiga zagaye mai gidaje huɗu, 5, 2, 6, 4, ba zai ƙara fita ba.

Abin lura shi ne mashigar zagayen. An shiga gida 5 ta hanyoyi biyu, sau ɗaya daga gida 3, sau ɗaya daga gida 4. Ke nan takardu biyu ne ke ɗauke da lamba 5, wato ita ce ta maimaitu. Haka abin yake a kowane jeri da ya cika sharaɗin: gidajen suna da iyaka, don haka tilas tafiyar ta koma inda ta taɓa bi, babu takardar da ke ɗauke da 0, don haka mafarin yana wajen zagayen, kuma mashigar kullum tana da masu nuno ta biyu. Neman lambar da ta maimaitu ya koma neman mashigar zagaye.

A nan ne manunai biyu ke shigowa, mai jan ƙafa da mai sauri, waɗanda ake wa laƙabi da kunkuru da zomo. Ana danganta dabarar ga Robert Floyd, masanin kwamfuta ɗan Amurka da ya samu lambar yabo ta Turing a 1978, kuma Donald Knuth ne ya ambace ta da sunansa a juzu'i na biyu na littafinsa The Art of Computer Programming, wanda ya fito a 1969. Kunkuru yana taku ɗaya, zomo yana taku biyu. Dukansu sun tashi daga 0. A karo na farko kunkuru yana 3, zomo yana 5. A na biyu kunkuru ya kai 5, zomo yana 6. A na uku kunkuru yana 2, zomo ya zagayo 5. A na huɗu suka haɗu a gida 6. Haɗuwar ba sa'a ba ce: da zarar duka biyun sun shiga zagayen, zomo yana rage tazarar da gida ɗaya a kowane karo, don haka ba zai tsallake kunkuru ba tare da sun dira wuri guda ba.

Masu gaggawa a nan suke faɗuwa, su ce amsar 6 ce. Wurin haɗuwa wani gida ne kawai a cikin zagayen. Sai an yi zango na biyu: a mayar da ɗaya gida 0, a bar ɗayan a gida 6, kowa ya riƙa taku ɗaya. Na farko ya je 3, na biyu ya je 4. Taku na gaba, dukansu suna gida 5.

Dalilin yana cikin ƙirgan taku. Lokacin da suka haɗu, kunkuru ya yi taku 4, zomo ya yi 8. Rarar takun zomo bai tafi ko'ina ba sai kewaya zagayen, saboda haka rarar cikakkun kewaye ce, kuma daidai take da takun kunkuru. Daga 0 zuwa mashiga taku 2 ne. Idan kunkuru ya ƙara waɗannan 2 a kan 4 ɗinsa, ya yi 6, wato taku 2 na isa mashiga da kewaye guda cikakke, wanda ke dire shi a mashigar daidai lokacin da abokinsa ke isowa daga 0. Ko tsawon hanyar da na zagayen sun canza, lissafin bai canza ba.

Ga shi a harshen Python:

```python
def nemo(a):
    kunkuru, zomo = a[0], a[a[0]]
    while kunkuru != zomo:
        kunkuru, zomo = a[kunkuru], a[a[zomo]]
    zomo = 0
    while kunkuru != zomo:
        kunkuru, zomo = a[kunkuru], a[zomo]
    return kunkuru
```

Lambobi biyu kaɗai take riƙewa a gefe komai tsawon jerin, yawan takunta kuma yana ƙaruwa ne daidai da tsawonsa. An fara layin farko da taku guda da gangan. Wanda ya sa duka biyun a 0 sannan ya gwada ko sun haɗu, manhajarsa za ta tsaya nan take ta ba shi 0.

Babban haɗarin shi ne jerin da ya saɓa sharaɗi, domin manhajar ba ta ƙorafi, amsar banza kawai take bayarwa. A gwada 1, 0, 2, 2. Gida 0 ya tura zuwa 1, gida 1 ya dawo da mutum 0, ba a ko leƙa inda tagwayen 2 suke ba, amsar da ke fitowa 0 ce. Idan kuma lambobi daban-daban ne suka maimaitu, ɗaya kawai za ta kamo. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a sake bin jerin sau ɗaya a ƙirga sau nawa amsar ta fito, in bai kai biyu ba akwai matsala a bayanan da aka shigar.

A aikin yau da kullum ma ba kullum ita ce zaɓi ba. Tsalle daga gurbi zuwa gurbi mai nisa yana jinkirta kwamfuta fiye da karanta jeri bi da bi. Jerin lamba miliyan 100, a kan bayit 4 kowace, yana cin megabayit 400, alhali teburin da ke ware wa kowace lamba bit guda don alamar an gan ta megabayit 12.5 kawai zai ci. Mai wannan sararin ya fi samun sauƙi da teburin. Dabarar Floyd ta fi amfani inda ba za a iya ajiye sawun da aka bi ba, kamar a hanyar da John Pollard ya fitar a 1975 ta gano lambobin da ke raba wata babbar lamba, inda kunkuru da zomon nan ke gano zagaye a cikin jerin da ake lissafa kowace ƙimarsa daga wadda ta gabace ta.