Ƙarin farashi: yadda za ka sanar da abokan cinikinka ba tare da sun gudu ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan da ya biyo baya, da wuya a sami mai sana'a a Najeriya da bai ƙara kuɗin kayansa ba. Mai saye ya san da haka, domin shi ma yana shan mai, yana kuma zuwa kasuwa. Shi ya sa ƙarin shi kaɗai bai cika raba mutum da tsohon abokin cinikinsa ba. Abin da ke raba su shi ne ba-zata: mutum ya zo da kuɗinsa a ƙirge kamar kullum, sai yaron shago ya ce masa a gaban jama'a, "Ai ya tashi."

Mu ɗauki mai gidan burodi a Kano wanda yake kai wa masu shayi da masu shaguna kaya kowace safiya. Alƙaluman da za a gani a nan misali ne kawai. A ce yana ba da burodi a kan naira 900 sari, su kuma su sayar a 1,000. Kafin ya rubuta ko kalma ɗaya, sai ya zauna da biro ya yi lissafi. Idan buhun fulawa mai kilo 50 yana ba shi burodi 100, kuma ƙarin da aka samu a fulawa da sukari da man dizal da leda ya kai naira 8,000 a kowane buhu, to kowane burodi ya ƙara cin naira 80. Nan ne wasu ke jin nauyi su ƙara 50 kawai, bayan mako uku kuma su dawo da wata sanarwar. A ganina wannan ya fi cutar da ciniki. Gara ya ƙara 100 sau ɗaya, ya tsaya a kai muddin zai iya, domin mai shayi yana iya yi wa masu shan shayinsa bayani sau ɗaya, amma ba zai iya yi kowane mako ba.

Ya kamata kuma ya dubi ƙarin da idon mai shayin. Wanda yake ɗaukar burodi 20 a rana, naira 100 ɗin nan ta zama 2,000 kullum, kusan 60,000 a wata. Dole ya sauya nasa farashin, ya tanadi canji, wataƙila ma ya rage yawan da yake ɗauka. Saboda haka abu mafi daraja da za a ba shi a cikin saƙon shi ne lokaci. Ga kayan da ake ɗauka kullum, mako ɗaya ya isa. Tela ko mai wanki da guga, wanda ake zuwa wurinsa jefi-jefi, ya ba da mako biyu zuwa wata guda, kuma kada ya bari sai an shiga goman ƙarshe na azumi, ɗinkin sallah na hannunsa, sannan ya faɗa.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa:

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa? Ina sanar da kai cewa daga ranar Litinin, 1 ga wata, babban burodi zai koma naira 1,000 maimakon 900. Fulawa da dizal ne suka tashi, mun jure iya ƙarfinmu. Girman burodin da lokacin kawo shi suna nan yadda ka sani. Daga yau zuwa Lahadi tsohon farashi ne, kuma abin da ke tsakaninmu na baya yana nan a tsohon lissafi. Idan akwai magana ka kira ni da kaina. Na gode da amanar da ke tsakaninmu. Allah ya sa albarka a kasuwa."

Lura da cewa adadin kuɗin da ranar sun zo da wuri, bayan gaisuwa kai tsaye. Saƙon da ya ce "za a ɗan samu canji nan gaba kaɗan" yana jefa mutum cikin zullumi, ya sa shi fara tambayar farashi a wani gidan burodin tun kafin ya san naka. Dalili ma jimla ɗaya ya ɗauka. Dogon kuka a kan halin ƙasa, da ban haƙuri sau huɗu, suna sa mai saye ya ɗauka akwai wurin ragi, gobe ya zo da tayi. Dalilin kuwa ya zama na gaskiya. Mai shayi yana sayen sukari da madara a kasuwar Singa ko wurin waɗanda suka saro daga can, ya san abin da ya tashi da wanda bai tashi ba. Idan ka ɗora laifi a kan dala alhali ta sauka, ya gane.

Maganar bashi ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma ta fi haddasa rigima. Masu shayi da yawa suna karɓar kaya da safe su biya da dare ko ƙarshen mako. Burodin da aka karɓa a kan 900 an riga an yi cinikinsa a kan 900, ko da biyan ya faɗo bayan ranar ƙari. Haka wanda ya ba da kuɗin burodin biki tun kafin sanarwa, a ba shi kayansa cikakke. Rubuta wannan a fili yana kawar da gardama tsakanin mai saye da yaron da ke rarraba kaya, wanda ba shi da ikon yanke hukunci. Yaron nan ma a sanar da shi kafin kowa, a gaya masa amsar da zai bayar.

Akwai masu guje wa sanarwa ta hanyar rage girman burodi a bar farashi yadda yake. Mai shayi da ya saba yanka burodi ɗaya wa mutum uku zai gane tun safiyar farko, kuma abin da zai ji shi ne an yaudare shi. Idan har ana son a taimaki wanda ba zai iya sabon farashi ba, a fito da ƙaramin burodi a fili, da nasa kuɗin, a ambace shi a cikin saƙon, mutum ya zaɓa.

Hanyar aikawa ma tana da muhimmanci. Manyan abokan ciniki, da dattawan da suka girme ka, a kira su ko a je a same su, rubutun ya biyo baya don ya zama shaida. Ga wanda karatun boko bai wadace shi ba, saƙon murya ya fi, amma a maimaita kuɗin da ranar a hankali. A WhatsApp, kada a dogara da Status, domin yana ɓacewa bayan awa 24, saƙon Broadcast kuma ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambarka a wayarsu. Kada kuma a jefa sanarwar cikin zauren da aka tara abokan ciniki duka. Mutum ɗaya ya yi ƙorafi, sauran su bi shi, alhali da kowa a keɓe aka gaya wa da ya ce Allah ya kyauta, ya ci gaba da saye.

Bayan ranar ƙarin, a sa ido a kan littafin rabo na mako biyu. Wanda ya kira ya yi faɗa yana nan tare da kai. Wanda ya sauko daga burodi 20 zuwa 8 bai ce uffan ba, mai yiwuwa ya fara karɓa a wani wuri, shi za a je a gani. Idan ya nemi ragi, a ba shi abin da ke da ƙa'ida, kamar naira 20 a kowane burodi ga duk mai ɗaukar 30 ko fiye, ko ƙarin kwana biyu kafin biya. Ragin ɓoye ga mutum ɗaya ba ya ɓoyuwa, domin masu shayin unguwa ɗaya sun san juna, kuma sukan tambayi juna nawa aka ba su.