Mai Cikin Tagwaye, Ki Tambaya: Mabiyiya Ɗaya Ce Ko Biyu?

Idan sikanin ya nuna tagwaye, tambayar farko a gidajenmu ita ce maza ne ko mata. Akwai wadda ta riga ta. Mabiyiya nawa ce? Ɗaya suke rabawa, ko kowa da tasa? Amsar ita ce ke yanke irin kulawar da cikin zai samu har haihuwa. Mata da yawa suna kai watan haihuwa ba wanda ya gaya musu.

Tagwayen da suka fito daga ƙwai biyu kowa da mabiyiyarsa da jakar ruwansa. Jininsu ba ya haɗuwa. Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya kuwa, ya danganta da ranar da ƙwan ya rabe. Idan ya rabe cikin kwana uku na farko, kowa ya samu tasa. Idan ya kai kwana huɗu zuwa takwas, mabiyiya ɗaya ce, jaka biyu, kuma wannan shi ne ya fi yawa a cikinsu. Idan ya wuce haka, har jakar ma ɗaya ce. A takardar sikanin za ki ga DCDA ga na farko, MCDA ga na biyu, MCMA ga na uku. Duk inda M ta fara, mabiyiya ɗaya ce.

Haɗari na farko shi ne makara. Wannan amsa tana da lokacinta. An fi ganinta sarai tsakanin mako 11 da mako 14, wato wajen ƙarshen wata na uku. Mai sikanin yana duba inda tantanin da ya raba jariran ya haɗu da mabiyiya. Idan gindinsa ya yi kauri ya tashi kamar tsini, biyu ne. Idan siriri ne ya sauka a miƙe kamar harafin T, ɗaya ce. Da ciki ya tsufa, alamar sai ta dushe. Mabiyiya biyu ma sukan manne har su yi kama da ɗaya. A wurinmu kuwa mace takan ɓoye ciki don kunya, ba ta fara awo sai wata biyar ko shida. A lokacin damar ta wuce. Idan mace da namiji ne, an huta, mabiyiya biyu ce. Idan jinsi ɗaya ne kuma an kasa tantancewa, ƙa'idar likitoci ita ce a ɗauke shi a matsayin mabiyiya ɗaya. Kada ki yarda a bar ki da "tagwaye ne, lafiyarsu ƙalau" kawai.

Sai awon da bai dace da cikin ba. Mai mabiyiya biyu, sikanin duk mako huɗu daga mako 20 ya wadatar idan komai lafiya. Mai mabiyiya ɗaya tana buƙatarsa duk mako biyu, tun daga mako 16 har ta haihu. Ba son kuɗin asibiti ba ne. Abin da ake tsoro yana iya tasowa ya yi nisa cikin makonni biyun nan. Awon tef da sauraron bugun zuciya ba sa kama shi.

Ga abin da ake tsoro. A kan mabiyiya ɗaya, jijiyoyin jinin jariran suna haɗe. A yawancin ciki, abin da ya tafi yana dawowa daidai. Amma a wajen ciki 10 zuwa 15 cikin ɗari na irin wannan, ma'aunin yana karkata. Jini ya riƙa kwarara daga ɗaya zuwa ɗaya. A takarda ana rubuta shi TTTS. Ya fi bayyana tsakanin mako 16 da mako 26. Ba abin da uwa ta ci ne ya jawo shi ba, ba aikin da ta yi ba ne, kuma jiƙo ba ya taɓa shi.

Mai bayarwa jininsa yana raguwa. Ƙodarsa ta rage fitsari. Ruwan da jariri ke kwance a ciki a wannan lokaci yawancinsa fitsarinsa ne, don haka jakarsa ta bushe, tantani ya naɗe shi, ya maƙale a gefe. Mai karɓa kuma jini ya yi masa yawa. Yana ta fitsari, jakarsa ta cika ta batse, zuciyarsa ta gaji da nauyi. Kada girman ya ruɗe ki. Babban ba shi ne mai lafiya ba. Duka biyun suna cikin haɗari.

A ɗauka mace ce mai MCDA. A mako 18 an auna zurfin ruwa, ɗaya santimita 5, ɗaya 4. Lafiya. Ba ta dawo a mako 20 ba. A mako 22 ta zo ciki ya yi tamau, numfashi yana yi mata wuya. Ruwan ɗaya ya kai santimita 12, na ɗayan bai kai 2 ba. Iyakar da ake dubawa ke nan: ƙasa da 2 a gefe guda, sama da 8 a ɗaya gefen, ko sama da 10 bayan mako 20 a ma'aunin wasu asibitoci. An nemi mafitsarar ƙaramin, ba a gan ta ba. A matakai biyar da likita Ruben Quintero ya tsara a 1999, wannan mataki na biyu ne. Na uku, gudun jini a cibiya ya lalace. Na huɗu, jikin jariri ya kumbura da ruwa. Na biyar, mutuwa. Cutar ba ta bin matakan a jere kullum, tana iya tsallake. Da ta zo a mako 20, da wataƙila an kama ta da sauran sarari.

Idan ta yi tsanani aka bar ta, a mafi yawan lokuta ana rasa duka biyun. Wani lokaci zuciya ce ke tsayawa. Wani lokaci yawan ruwa ne ke buɗe bakin mahaifa, faya ta fashe, a haife su tun ba su isa rayuwa ba.

Akwai magani, amma yana da lokaci kuma yana da nisa. Mafi inganci shi ne a shigar da siririyar kyamara cikin mahaifa a ƙone jijiyoyin da suka haɗa su da hasken leza. Wani babban gwaji da aka buga a 2004 ya nuna ya fi zuƙe ruwa ceton jarirai. A ƙwararrun cibiyoyi, wajen ciki tara cikin goma ana tsira da aƙalla ɗaya, wajen biyu cikin uku kuma da duka biyun. Aikin yana da nasa haɗarin, musamman fashewar faya. Asibitocin da ke yin sa kaɗan ne ƙwarai, kuma neman kuɗi da hanya yana cin kwanaki. Zuƙe ruwan yana sauƙaƙa wa uwa, yana iya jan cikin gaba, amma bai toshe jijiyoyin ba.

Mutuwar ɗaya ba ta kuɓutar da ɗaya. Wannan ne mutane suka fi jahilta. Idan ɗaya ya rasu a kan mabiyiya ɗaya, jinin mai rai yana iya zubewa cikin jikin mamacin nan take. Wajen 15 cikin ɗari na waɗanda suka rage su ma suna rasuwa. Kusan ɗaya cikin huɗu na samun lahani a ƙwaƙwalwa.

Ko ciki ya tafi lami lafiya, ba a jiran wata tara ya cika. Mai mabiyiya biyu ana shirya haihuwarta daga mako 37. Mai ɗaya daga mako 36. Masu jaka ɗaya kuwa, saboda cibiyoyinsu na iya sarƙewa, tiyata ake yi tsakanin mako 32 da 34. Wannan ba haihuwar gida ba ce.

Maigida, uwar miji, ku ma ku riƙe waɗannan alamu. Ciki ya ƙara girma farat ɗaya cikin 'yan kwanaki. Ya yi tauri yana sheƙi. Ta kasa kwanciya don numfashi. Mara ko baya na murɗawa. Ruwa ko jini ya ɓallo. Motsi ya ragu. Kada a ce ai haka cikin 'yan biyu yake. Kada a jira ranar awo. A kai ta asibitin da ke da sikanin da likitan mata a ranar, da takardar sikanin farko a hannu, a ce a auna ruwan kowane jariri daban a duba mafitsarar kowanne.