Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Allon Kwamfuta Ba Tare da Manhajar Ta Fito Ba

Mai koyarwa da bidiyo yakan tarar tagar OBS Studio ta fito a farkon aikinsa da ƙarshensa. Maganin yana cikin Settings, sashen Hotkeys. Ba Start Recording da Stop Recording maɓalli guda, misali Ctrl+Shift+F9, sannan ka ba Pause Recording da Unpause Recording wani, kamar Ctrl+Shift+F10. Sauke tagar ƙasa, buɗe abin da za ka nuna, sai ka danna.

Zaɓi haɗin da wata manhaja ba ta amfani da shi, don kada dannawa guda ta yi aiki biyu. Kafin aikin gaske, gwada ɗaukar daƙiƙa 10 ka duba.