Wa'adin Bayanin Haraji: Afuwar Biya Ba Ta Ɗauke Wajibcin Miƙa Bayani Ba

Wani ofishin masu ba da shawara kan haraji ya fitar da 'yar gajeriyar sanarwa ƙarƙashin hoto, yana tunatar da masu ƙananan sana'o'i cewa ranar 31 ga Maris ce ƙarshen wa'adin miƙa bayanin kuɗin shiga na shekara, kuma tarar jinkiri ta ƙaru. Kafin sanarwar nan ta gama zagaya wayoyin 'yan kasuwar da na sani, daga masu shaguna a Kantin Kwari har zuwa teloli da masu gidajen burodi, sai ga ta ta yi rassa, wani ya ƙara mata layi, wani ya ɗora mata murya, har ta wayi gari tana faɗin abin da masu ita ba su faɗa ba. Ban san ranar da mutanenmu za su daina tura magana kafin su bincika asalinta ba, alhali tun muna yara malamai ke karantar da mu wajibcin tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi.

Abin da ya inganta shi ne, ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, aka fara aiki da sabon tsarin ranar 1 ga Janairu, 2026, hukumar tarayya da aka sani da FIRS kuma ta koma NRS. Cewa da aka yi za a riƙa yanke haraji daga duk kuɗin da ya shiga asusun mutum, ko da gudummawar biki ce ko bashi aka biya shi, wannan ba shi da tushe, domin riba da albashi da makamantansu ake yi wa haraji. Haka nan batun wai za a kulle asusun kowa da kowa washegarin wa'adi. Gaskiya ne hukuma tana da ikon bin bashin harajin da ya tabbata, amma sai ta ƙiyasta, ta sanar da mutum a rubuce, shi kuma yana da kwana 30 na nuna rashin amincewa.

Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce wadda aka liƙa a ƙarshe, mai daɗin ji, wadda ke cewa tun da an yafe wa ƙananan kamfanoni haraji, to wa'adin nan bai shafe su ba, kowa ya kwantar da hankalinsa. Sauran ƙarairayin tsoro kaɗai suke sawa, wannan kuwa kuɗi za ta ci, kuma ta fi su shiga rai saboda rabinta gaskiya ne. Haƙiƙa ƙaramin kamfani ba ya biyan harajin ribar kamfani; tun Dokar Kuɗi ta 2019 aka yi wannan sassauci ga wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, sabuwar doka kuma ta ɗaga haddin. Sai dai biya hukunci ne daban, miƙa bayani ma hukunci ne daban, kuma doka ta wajabta wa kowane kamfani, har da wanda aka yi wa afuwa, ya miƙa bayaninsa kowace shekara, domin da bayanin ne hukuma za ta san cewa lallai yana cikin waɗanda afuwar ta shafa.

Ba na ganin laifin waɗanda suka gaskata, domin na fahimci inda shubuhar ta shigo musu. Ɗan kasuwarmu ya saba da hukuncin zakka, inda wanda dukiyarsa ba ta kai nisabi ba babu abin da ya hau kansa, ba ya zuwa gaban kowa ya bayyana cewa ba ta kai ba. Sai ya yi ƙiyasin haraji a kan haka. Ƙiyasin nan bai yi ba, domin ita gwamnati ba ta karɓar shiru a matsayin hujja.

A duba abin da shirun ke jawowa. Mu ƙaddara wani mai sayar da atamfa ya yi wa kasuwancinsa rajistar kamfani a CAC, sunansa yana ƙarewa da Ltd, yana rufe lissafinsa ranar 31 ga Disamba. Doka ta ba shi wata shida bayan rufe lissafi, wato zuwa 30 ga Yuni, kuma wurin NRS zai miƙa. Idan ya bi maganar saƙon nan ya yi zamansa, bai farga ba sai cikin Disamba, lokacin da aka nemi takardar shaidar haraji wajen wata kwangila, to tarar watan farko, wato Yuli, naira 100,000 ce, sa'an nan kowane wata da ya biyo baya naira 50,000. Daga Agusta zuwa Disamba wata biyar ne, naira 250,000 ke nan, jimla naira 350,000, a kan harajin da tun asali ko kwabo ba a bin sa. A tsohuwar dokar kamfanoni, inda tarar take naira 25,000 a watan farko da naira 5,000 a kowane wata bayansa, wannan jinkirin naira 50,000 zai ci masa, yanzu kuwa ya ninka sau bakwai. Wanda ya tura masa saƙon ba zai biya masa ko sisi ba.

Akwai kuma wani rukuni da ƙaryar ta fi cutarwa, su ne waɗanda suka yi rajistar sunan kasuwanci kawai, ko ma ba su yi rajista ba, kuma su ne mafi yawan mutanenmu. Irin wannan mutum a idon doka ba kamfani ba ne, shi da shagonsa abu guda ne, saboda haka afuwar ƙananan kamfanoni ba tasa ba ce sam. Harajin ɗaiɗaikun mutane ne a kansa, hukumar harajin jihar da yake zaune zai miƙa wa bayani, kamar KIRS ga mazaunin Kano, kuma shi ne ranar 31 ga Maris ta shafa. A sabon jadawali naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar komai a kansu, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 ana karɓar kashi 15 cikin ɗari. Telan da ribarsa ta kai naira miliyan 2, bayan ya fitar da kuɗin haya da zare da ladan yaransa, ragowar miliyan 1 da dubu 200 za a duba, harajinsa naira 180,000. Wanda bai riƙe littafin ciniki da rasiɗai ba, ba shi da abin da zai kafa hujja da shi ranar da aka ƙiyasta masa fiye da haka.

A nan ne zan ɗan yi wa masu sanarwar ta asali gyara, ko da yake ba su yi ƙarya ba. Sun ambaci rana ɗaya ba tare da sun bayyana wanda ta shafa ba, sun kuma bar mutane suna zaton sabuwa ce, alhali ƙarshen Maris da wata shidan kamfanoni duk sun daɗe a doka, nauyin tara ne ya sauya. Da sun ƙara layi biyu, sun rarrabe mai kamfani da mai sunan kasuwanci, sun ambaci cewa wanda ke da ma'aikata yana da nasa wa'adin na 31 ga Janairu don bayanin albashinsu, da masu ƙari ba su sami ƙofar shiga ba.

Ya kai mai karatu, ka ɗauko takardar rajistarka ka duba abin da aka rubuta a kanta. In kamfani ne, ka ƙirga wata shida daga ranar rufe lissafinka. In sunan kasuwanci ne ko babu rajista, ka riƙe 31 ga Maris, ka je ofishin harajin jiharku da littafin cinikinka tun da sauran lokaci. Wanda kuma ya tura wa jama'a waccan magana, ya kamata ya koma inda ya tura ta ya janye.